Gudawar ruwa: me ya sa aka hana ɗana Filajil?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana mai wata 14 yana gudawa tun jiya, ruwa tsululu, ba jini. Na kai shi asibiti nan Tudun Wada, sai gishiri da sukari da zink kawai aka ba mu. In sayo masa Filajil ko Seftirin a kemis?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ki sayo, abin da aka ba ki shi ne maganin.

Yawancin irin wannan gudawa a yara bairos ne ke kawo ta, kamar rotabairos, kuma antibayotik, irin su Filajil da Seftirin, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Takan tsaya da kanta cikin kwana uku zuwa bakwai. Shi ya sa mutane ke ruɗuwa: a ba yaro Filajil, kwana uku ta tsaya, sai a ce ai maganin ne. Shi Filajil aikinsa a kan ƙwayoyin cutar hanji irin su amiba da jiyadiya yake, kuma sai gwajin bayan gida ya nuna su.

Da rashin amfani ne kawai ma da sauƙi. A hanjin yaro akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tare masu cutarwa, maganin kuwa ba ya bambance su. In ya kashe su gudawar na iya ƙaruwa ko ta ja kwanaki. Filajil yana sa ɗacin baki, ya tayar da zuciya, yaron da ake lallashi ya sha ruwa sai ya ƙi. Ƙwayoyin cutar da suka tsira kuma su saba da antibayotik ɗin, ranar da ciwon huhu ya zo a ba shi ya ƙi ci. Kafson ja da yalo da wasu ke buɗewa su jiƙa wa yara kuwa, haƙora yake ɓatawa.

Abin da ke halaka yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Ki duba ledar garin gishiri da sukarin: in ta lita ɗaya ce, ki juye ta duka a fiyawota biyu. Duk lokacin da ya yi gudawa ki ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kwata zuwa rabin kofin shayi, da cokali, a hankali. In ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba. Abin da ya cika awa 24 ki zubar. Zink ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya. Nono da kunu kada a yanke masa.

Antibayotik yana da gurbinsa, wato atini mai jini, ko kwalara mai tsanani da gudawarta ke kama da ruwan wankin shinkafa, amma likita ne zai zaɓa. In kin ga jini, ko idonsa ya zurma, ko ya kasa sha, ko kin tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko ya yi laƙwas, ko zazzaɓi ya shigo, ki kai shi asibitin Gambo Sawaba ko Shika nan take, ko da dare ne.