An ba ni dimand P = 120 − 2Q, me ya sa monopoli na ke faɗuwa?

Tambaya: Salam Malam, don Allah a taimaka, jarabawa ta matso kuma kaina ya kulle. An ba mu P = 120 − 2Q da TC = 200 + 20Q, aka ce a nemo adadi da farashin da mai monopoli zai fi cin riba. Na samu Q = 25, na saka a MR sai farashi ya fito 20, da na lissafa sai na ga asarar 200. Ina na kauce?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, 25 ɗinka daidai ne. TR = 120Q − 2Q², MR = 120 − 4Q, MC = 20, ka daidaita su 4Q = 100, shikenan. A matakin ƙarshe ka zame, kuma wallahi ba ranar da zan duba takardun ɗalibai ban ci karo da wannan zamewar ba.

Ba a karanta farashi a kan MR. MR da MC aikinsu ɗaya ne, su gaya maka guda nawa za ka fitar, daga nan sun gama. Farashi kuwa wajen masu saye ake tambayarsa, wato layin dimand. Mayar da 25 can: P = 120 − 50 = 70. Kuɗin shiga 70 × 25 = 1750, kashewa 200 + 500 = 700, riba 1050. Kai abin da ka yi shi ne ka ɗauki kayan da mutane suka yarda su biya 70 a kai ka ba su a 20, to ina mamakin asara? A farashin 20 ma ai guda 50 za su nema, kai kuma 25 kawai ka yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu lesin ɗin nan da ke sa yara haddar "ninka gangara sau biyu" ba tare da sun taɓa faɗin dalili ba, yaro ya fito yana ganin MR wani farashi ne na biyu, ya zana giraf ya ga inda MR ya yanke MC sai kawai ya ja layi zuwa hagu ya rubuta P. A'a, sama za ka hau daga mahaɗar har ka taɓo dimand, sannan ka juya hagu. Wurin da ka taɓo dimand ɗin ne ake kira ɗigon Cournot, sunan masanin Faransa da ya warware lissafin tun 1838.

Duba abin da ido. Kana sayar da 25 a kan 70, sai ka ce bari in ƙara guda ɗaya. Kafin na 26 ya shiga dole farashi ya sauka zuwa 68, kuma ba shi kaɗai zai samu ragin ba, kowa zai samu tunda farashi ɗaya ne a kasuwar. Ka karɓi 68 a hannun sabon mai saye, amma ka yafe 2 a kan kowane ɗaya daga cikin 25 na farko, 50 kenan ta tafi. Abin da ya shiga aljihu 18 ne, kai kuma ka kashe 20 wajen yin sa. Wannan 18 ɗin shi ne MR, ba wanda ya taɓa biyan 18, ragowa ce bayan an cire ragin. Na 25 kuwa 70 − 48 = 22 ya kawo, ya fi 20, shi ya sa aka yi shi. Gwada 24 ko 26 da kanka, duka biyun 1048 za ka samu.

In kana so ka kama kanka a ɗakin jarabawa, MR yana zama sifili ne a Q = 30, inda farashi yake 60, rabin 120. Muddin MC ya fi sifili mai monopoli ba ya ƙarasawa can, don haka duk farashin da ya zo ƙasa da 60 ka san akwai matsala. Idan kuma MC ba ya canzawa kamar naka, farashin tsakiyar 120 da 20 ne cif, (120 + 20) ÷ 2 = 70. Amma in MC yana hawa da Q kar ka yi wannan gajeriyar hanyar.

Sai ka lura da yadda aka rubuto dimand ɗin. Wasu malaman da gangan suke ba da shi a juye, Q = 60 − 0.5P, masu hadda su ninka 0.5 su faɗa rami. Fara juya shi ya koma P = 120 − 2Q tukuna. Ita kuwa 200 ɗin nan ba ta da hannu a zaɓen Q ko P, sai wajen lissafin riba kawai za ka cire ta. Allah ya ba da sa'a.