Matsakaicin makin ajina ya ja mini faɗa, alhali yawancin yaran sun ci

Tambaya: "'Yan uwa malamai, ɗalibaina 15 ne. Ga makinsu na lissafi cikin 100: 0, 0, 0, 12, 55, 58, 60, 62, 65, 65, 65, 70, 72, 75, 81. Masu sifilin ba su zo jarrabawar ba. An ce a taron malamai ajina ya faɗi don matsakaicin bai kai 50 ba. Wane awo ne ya fi nuna gaskiyar ajin?"

Malama, sannu. Wallahi na san zafin nan. A karanta lamba ɗaya a gaban abokan aiki, a ce ga ƙoƙarin mutum na zango guda, mai karantawar kuwa bai buɗe takardar makin ba balle ya tambayi su wane ne masu sifili. Abin da ya fi ciwo, ba ƙarya ya faɗa ba, don haka sai ki rasa bakin magana. Lambar daidai take, amfani da ita ne ba daidai ba.

Jimlar makin 740 ce. A raba ta gida 15, matsakaici ya zama 49.3. To duba: yara 11 cikin 15 sun haura wannan lamba, kuma babu ko ɗaya da ya samu maki tsakanin 13 da 54. Wato matsakaicin ya faɗa wurin da babu kowa. Dalili shi ne kowane maki yana jan sa gwargwadon nisansa da sauran. A aji mai mutum 15, yaron da zai iya cin 60 idan aka rubuta masa sifili, shi kaɗai ya zabge maki 4 daga matsakaicin ajin. Ke kuwa uku gare ki.

Makin tsakiya ne ya dace da ajinki. Ki jera makin daga ƙarami zuwa babba, ki ƙara 1 a kan yawan yara, ki raba biyu. 16 a raba biyu 8 ke nan, na takwas a jerin kuwa 62 ne. Yara bakwai suna ƙasa da shi, bakwai suna sama. Shi bai damu da nisan maki ba, matsayi kawai yake kallo. Ko a ce an yi kuskure an buga 810 a maimakon 81, matsakaici zai tashi zuwa 97.9, makin tsakiya yana nan a 62. Inda mutane ke ɓata shi, sai su ɗauki na tsakiyar rajista ba tare da sun jera ba, alhali rajista jerin sunaye ce. In yawan yaran ya rabu biyu cif, sai a haɗa biyun tsakiya a raba biyu.

Makin da ya fi maimaituwa kuwa, kada ki kafa hujja da shi. A naki ma biyu ne, 0 sau uku, 65 sau uku. A ƙaramin aji maki ɗaya na yaro ɗaya kan sauya shi.

Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne sifilin nan. Wanda zazzaɓi ya kwantar ranar jarrabawa ba a auna iliminsa ba, ta yaya za a lissafa shi da wanda ya zauna ya kasa? Cire ukun nan, ki raba 740 gida 12, matsakaici ya koma 61.7, makin tsakiya 65. Idan da Excel ake haɗa sakamakon, a bar gurbinsu fayau ko a rubuta ABS, domin yana tsallake gurbin da babu lamba amma yana ƙirga 0.

```
=AVERAGE(B2:B16)
=MEDIAN(B2:B16)
```

Na farkon yana ba da matsakaici, na biyun makin tsakiya. Kullum ki ajiye su gefe da gefe. Idan sun yi kusa da juna, matsakaici ya wadatar. Idan matsakaici ya sauka ƙasa sosai, kamar tazarar kusan maki 13 da ke naki, akwai 'yan tsirarun makin ƙasa da suka karkatar da rabon. Idan shi ne a sama, galibi wasu haziƙai biyu ko uku ne suka rufa wa ajin asiri, yawancin yara suna baya. Wannan ya fi haɗari, don babu mai yi wa malami faɗa a kai, yaran kuma su wuce a haka.

Amma don Allah kada makin tsakiya ya sa ki manta da mai 12 ɗin nan. Ko ya tashi zuwa 50, 62 ba za ta motsa ba, matsakaici ne zai nuna wannan cigaban. Idan za ki koma wurin shugaban makaranta, ki rubuta masa a takarda: yara 12 suka zauna, 3 ba su zo ba, matsakaici 61.7, makin tsakiya 65, 11 sun ci 55 zuwa sama, ɗaya yana bukatar ƙarin darasi. Ki kuma nemi a ba ukun nan damar sake rubutawa kafin a rufe sakamakon zango.