Canza kalar rigar amarya a hoto

Tambaya: "Hoton bikin ƙanwata ne a Birnin Kebbi, leshinta ja ne, tana so ya koma kore. Da na juya kalar sai fuskarta ma ta yi kore. Ina mafita?"

Ɗan'uwa, fatarmu tana da ja da ruwan lemo a cikinta, shi ya sa in ka taɓa jan, fata ke biyo shi.

A Photoshop, fara zagaye rigar kaɗai da Quick Selection, sannan ka ɗora Hue/Saturation a matsayin adjustment layer. Zaɓin zai zama mask da kansa, launi ba zai ƙetare shi ba. Matsar da Hue wajen +120, ja zai koma kore. In ya yi ƙau da yawa, sauke Saturation kaɗan.

Aikin gaske yana cikin ramukan leshin, inda fatar hannu da wuya ke leƙowa. Zuƙo hoton sosai, ɗauki ƙaramin burushi mai laushi, ka shafa baƙi a kan mask ɗin, rami bayan rami, don fatar ta koma kalarta ta asali. Akwai cin rai, amma a nan ake gane gwani. Haka za ka yi wa sarƙar gwal da lallen hannunta.

Duba ƙasan haɓarta kuma: jan da rigar ta haska mata yana nan. Rage shi a wani layer daban, in ba haka ba, ƙawayenta za su gane an taɓa hoton.