Lissafin Amfanin Kunyoyi Daga Hoton Takardar Awo

Tambaya: "Gonata kunya 40 ce ta masara. Na zaɓi takwas aka auna amfaninsu, mai awon ya turo min hoton jadawalin a waya. Ina son matsakaici, da lamba ta tsakiya, da ma'aunin tazara, amma kalkuleta ta ba ni amsa biyu, sx da σx. Wacce zan ɗauka?"

Amsa: Malam, kafin lissafi sai ka kwafe lambobin daga hoton zuwa takarda, domin a nan kuskure ya fi shiga. A rubutun hannu 7 kan yi kama da 1, ɗigon da ke cikin 4.5 kuma kan ɓace ya koma 45 idan inuwa ta faɗa kansa. Mun karanta naka, cikin kilo, muka jera daga ƙarami zuwa babba: 12, 14, 15, 15, 16, 17, 23. Jimillarsu 112, kuma ta yi daidai da jimillar da mai awon ya rubuta a ƙasa. Da mun karanta 17 a matsayin 11, da 106 za mu samu, nan take mu gane akwai matsala.

Lura cewa lambobi bakwai ne. Gurbin kunya ta takwas babu komai a ciki. Ka tambaye shi: ba a auna ta ba ne, ko kuwa ba ta ba da komai ba? In ba a auna ba, cire ta. In ka sa mata sifili alhali mantawa aka yi, za ka raba 112 gida takwas ka samu 14, ka rage wa gonarka abin da ta yi. Mun ɗauka ba a auna ba.

Matsakaici shi ne 112 a raba gida bakwai, kilo 16. Lamba ta tsakiya ita ce ta huɗu a jere, wato 15. Da lambobin takwas ne, sai ka haɗa biyun tsakiya ka raba biyu. Abin da ya ja matsakaici sama shi ne 23 ɗin nan, kuma ya kamata ka tabbatar da ita wajen mai awon, ko da yake jimillar ta yi daidai. In 13 ce aka auna, jimilla ta koma 102, matsakaici ya sauko kusan 14.6, amma ta tsakiya tana nan a 15.

Ma'aunin tazara yana nuna yadda kunyoyin suka yi nisa da matsakaici. Cire 16 daga kowace lamba: -4, -2, -1, -1, 0, 1, 7. Haɗa su, dole su ba da sifili, in ba haka ba an yi kuskure. Sai ka ninka kowacce da kanta: 16, 4, 1, 1, 0, 1, 49, jimilla 72. Kunya ɗaya ce ta kawo 49 daga ciki.

Daga nan amsoshin biyu suke rabuwa. In ka raba 72 gida bakwai ka danna √, za ka samu 3.21, ita ce σx. In ka raba gida shida, 12 ke nan, ka danna √, za ka samu 3.46, ita ce sx. Taka ita ce 3.46.

Dalili kuwa, kunyoyi bakwai samfuri ne da ka ɗebo domin su ba ka labarin arba'in. Matsakaicin 16 daga jikinsu aka fitar da shi, saboda haka ya fi kusa da su fiye da ainihin matsakaicin gonar da ba ka sani ba. Raba wa bakwai zai nuna tazarar ƙasa da yadda take, rage ɗaya shi ke gyara wannan. Da ka auna duka arba'in ɗin, kuma su kaɗai kake tambaya a kai, sai ka raba wa 40 ka ɗauki σx. Idan samfuri ya kai 30, bambancin amsoshin biyu bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma a bakwai kusan kashi 8 ne.

Mai aiki da Excel, in lambobin suna B2 zuwa B8:

```
=AVERAGE(B2:B8)
=MEDIAN(B2:B8)
=STDEV.S(B2:B8)
=STDEV.P(B2:B8)
```

Na ukun naka ne, na huɗun na wanda ya auna gona duka.

Don ƙiyasin abin da gonar za ta bayar, matsakaici ake ninkawa: 16 sau 40, kilo 640. Wannan ƙiyasin zai tsaya ne kawai in ba da ido ka zaɓi kunyoyin ba. Kunyar gefe takan samu rana da fili fiye da na ciki, ido kuma mai kyau yake bi, rage ɗayan nan ba ya gyara irin wannan karkata. Rubuta 1 zuwa 40 a guntayen takarda, ka cakuɗa, ka zaro waɗanda za a auna.