Yadda ake neman rahoto daga wani sashe

"Maigida, ka sa ni in karɓo rahoton kayan gyaran na'urorin sanyaya ɗaki daga sito. Na tura wa mai kula da siton saƙo, bayan mako guda sai ya aiko mini da shafi 40 na duk abin da ke ajiye, har da kwan fitila da sabulu. Yaya ya kamata in nemi rahoton?"

Ɗana, kafin ka sake rubuta masa ko da kalma ɗaya, ka fara tambayar kanka shawarar da za mu yanke idan rahoton ya iso hannunmu, domin daga amsar nan ne sauran komai zai fito. Abin da ke gabanmu shi ne mu san yawan kafasita da motar fanka da kwampuresa da gas da za mu sa a sayo wa gidajen alhazai uku da muke kula da su a unguwar Aziziyya ta Makka, kafin baƙin Allah su fara sauka. Mai sito bai san wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi duba. Mutumin da aka ce wa ya kawo rahoto ba tare da an faɗa masa dalili ba, abin da ya fi sauƙin fitarwa daga kwamfuta shi zai aiko, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Dalilin ne kuma yake nuna maka tsawon lokacin da za ka tambaya. Yanzu muna cikin Afrilun 2025, saboda haka idan ka ce a ba ka na watanni shida da suka wuce, lissafin lokacin sanyi za ka samu, lokacin da rabin na'urorin suke kashe kuma ɗakuna da yawa babu kowa a ciki. Wanda ya yi oda da wannan lissafi zai wayi gari ana tsakiyar aikin Hajji babu kafasita ko ɗaya a sito. Abin da muke so shi ne kayan da suka fita daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba 2024, domin a cikinsa ne Hajjin bara ya faɗo, lokacin da zafin Makka ya haura digiri 50, na'urori suka yi ta aiki dare da rana ba hutawa.

Game da tsarin rahoton, ka nemi a aiko da shi a Excel, kada a aiko da PDF ko hoton allon kwamfuta ta WhatsApp, saboda za mu tace mu tara, kuma ba a tara lissafi a kan hoto sai an sake kwafe shi da hannu. Ka faɗi abin da kowane layi zai ƙunsa: ranar da kaya ya fita, lambarsa, sunansa tare da girmansa, yawansa, ginin da aka kai shi, da lambar takardar aikin da aka fitar da shi a kanta. Ka dage a kan girman, domin kafasita mai `35+5 µF` dabam take da mai `45+5 µF`, kuma layin da ya ce "kafasita 120" kawai ba zai ba mu damar yin oda ba. Haka gas: ka ce a raba R22 da R410A, a kuma bayyana ko da tukunya ake ƙirga shi ko da kilo, tunda tukunyar R410A da aka saba tana ɗaukar kilo 11.3, ta R22 kuma kilo 13.6. Idan za a sa farashi, a nuna ko da harajin kashi 15 cikin 100 a ciki ko babu. Shawarata ita ce ka taka da ƙafarka zuwa siton tukuna, ku gaisa, ya nuna maka abin da manhajarsa ke iya fitarwa, domin babu amfanin neman abin da ba a taɓa shigarwa ba.

Wa'adi kuwa daga baya ake ƙirgo shi. Sashen sayayya ya ce jerinmu ya isa wurinsu ranar Alhamis 17 ga Afrilu. Mu muna buƙatar kwana biyu mu duba lissafin mu gwada shi da takardunmu, sannan mu bar kwana ɗaya ko da za a mayar masa da rahoton ya gyara wani abu, wanda ke nufin ranar Litinin 14 ga wata muke son sa. Ka tuna ofishinsu ba ya buɗewa Juma'a da Asabar, don haka idan ka tura sabon saƙon ranar Laraba 9 ga wata, ranakun aiki biyu cikakku kawai zai bar masa kafin Litinin, wato Alhamis da Lahadi. Kada ka rubuta "da gaggawa" ko "cikin wannan makon", domin kowa haka yake rubutawa. Kada kuma ka rubuta kwanan wata da lambobi zalla a ƙasar da ake aiki da kalanda biyu: 03/04 wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 3 ga Rabi'us Sani, abokin aikinmu ɗan Filifin kuma ya karanta 4 ga Maris. Ka rubuta sunan rana da sunan wata da ƙarfe nawa.

Ga yadda zan rubuta shi, kai kuma ka mayar da shi Larabci tunda da shi yake aiki:

"Assalamu alaikum. Muna shirya odar kayan gyaran na'urorin sanyaya ɗaki na gidajen Aziziyya uku kafin Hajji, kuma dole mu miƙa jerin ga sashen sayayya ranar Alhamis 17 ga Afrilu. Ina roƙon ka taimaka mana da jerin kafasita, motar fanka, kwampuresa da gas da suka fita daga sito daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba 2024, tare da adadin da ya rage a yau. Ina son sa a Excel, kowane layi da rana, lambar kaya, suna da girma, yawa, gini da lambar takardar aiki. Muna buƙatarsa ranar Litinin 14 ga Afrilu, daidai da 16 ga Shawwal, kafin ƙarfe 12 na rana. Idan akwai abin da ba zai samu ba, ko lokacin ya yi maka kaɗan, don Allah ka sanar da ni gobe domin mu san abin yi. Allah ya saka da alheri."

Ka sa ni a kwafin saƙon, amma kada ka sa shugabansa tun a karon farko, domin mutumin nan ba a ƙarƙashinmu yake ba, kuma zai ɗauka ƙararsa ka kai. Ranar Lahadi da safe ka kira shi ka ji inda aka kwana. Idan Litinin ta wuce shiru, ka faɗa mini, ni zan yi magana da shugaban sashensu.

In rahoton ya iso, kada ka kawo mini shi sai ka gwada shi. Ka zaro takardun aiki goma daga cikin namu na watan Yunin bara, ka nemi lambobinsu a ciki. Idan biyu ko uku ba su fito ba, to akwai kayan da aka fitar da dare ba a shigar ba, kuma adadin ya gaza gaskiya. Ka duba kuma ko an cire abin da muka mayar sito ba mu yi amfani da shi ba. A ce ka ga kafasita 120 sun fita, 70 daga ciki zuwa gini ɗaya: kafin mu yi odar wasu, sai mu je mu auna wutar ginin, mu duba ko ƙura ta toshe na'urorin da ke kan rufinsa, domin mai yiwuwa abin da ke ƙona su ke nan. Saboda irin wannan na ce lallai a sa sunan gini a kowane layi, kuma idan ya aiko babu shi, ka mayar masa ranar Talata ya ƙara.