Zoben zinariya a hancin alade: karanta Karin Magana 11:22

Tambaya: "An ce mini a Ibrananci wannan aya ba ta da kalmar 'kamar'. To, ta yaya ake gane abin da aka kwatanta da wani?"

Ayar kalmomi takwas ce kacal, huɗu a kowane ɓangare: nezem zahab be'af hazir, isha yafa wesarat ta'am. Wato "zoben zinariya a hancin alade, mace kyakkyawa mai kauce wa hankali". An jera hotuna biyu ne kawai, aka bar mai sauraro ya haɗa su, kamar yadda muke cewa "haƙuri maganin zaman duniya" ba tare da wata mahaɗa ba. Alamar tsayawar da malaman Masora, wato malaman Yahudawa da suka yi wa nassin Ibrananci alamomin karatu, suka sa a kalma ta huɗu ita ke nuna inda ayar ta rabu.

Nezem ado ne mai daraja, irin wanda aka sanya wa Rifkatu a hanci a Farawa 24:47, alade kuwa haramtacce ne a Attaura. Kalmar ta'am asalinta ɗanɗano ne, daga nan ta ɗauki ma'anar iya rarrabe abin da ya dace.

Inda ake kuskure shi ne a bi jerin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a ce zobe shi ne macen. A ganina hakan bai zauna ba, domin zobe ba shi da laifin inda aka maƙala shi, alhali kalmar sarat tana nuna mai juya baya da kanta. Zinariyar ta fi dacewa da kyawun, wanda rashin hankali ke jansa cikin taɓo, kamar yadda alade ke tonon ƙasa da hancin da aka yi wa ado.