Kunnena ba ya bambanta س da ص: ina mafita?

Tambaya: Malam, ina koyon Larabci, amma idan ana magana ba na jin bambanci tsakanin س da ص, ko ت da ط. Yaya zan horar da kunnena?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina farautar baƙin shi kaɗai, ka kasa kunne ga wasalin da ke biye da shi. A nan bambancin ya fi fitowa.

Haruffa masu kauri da malaman tajwidi ke kira haruffan iɗbaƙi huɗu ne: ص ض ط ظ, takwarorinsu marasa kauri kuma س د ت ذ. Wajen furta ص bakin harshe yana kusan inda yake a س, sai dai gangar harshen tana ja baya zuwa maƙogwaro. Harshe ba ya komawa mazauninsa nan take, don haka wasalin da ya biyo baya ke fitowa da nauyi, kamar ya karkata zuwa "o".

Fara da dogon wasalin "a": تاب ya tuba, طاب ya yi daɗi. Ka samu wanda ya iya furuci ya faɗi kowace sau uku, kana kallon rubutun, hankalinka na kan "aa". A kalmar farko za ka ji wasalin sakayau, har da ɗan hucin iska bayan ت. A ta biyu babu hucin, wasalin kuma ya yi zurfi. Daga nan ka koma kan سيف takobi da صيف lokacin zafi, sannan دلّ ya nuna da ضلّ ya ɓace.

Sai gwaji na gaskiya. Wanda ya iya furucin ya naɗa maka kalmomi 20 a gauraye, ka saurara ba tare da ganin bakinsa ba, kana rubuta "kauri" ko "siriri". Wanda ya ci 10 bai wuce mai canki-canka ba, tunda zaɓi biyu ne kawai. Ni ba na barin ɗalibi ya ci gaba sai ya riƙa cin 18, kuma da muryoyi daban-daban, mace da namiji, domin kunne yakan haddace muryar mutum ɗaya ya ɗauka ya iya.

Bar kasra, wato wasalin "i", zuwa ƙarshe, ita ce mai wuya. A تين ɓaure da طين laka, nauyin yana farkon wasalin ne kaɗai, kafin harshe ya taso ya kama "ii". Ka kuma guji kalmomi masu ر ko ق ko خ ko غ tun da fari, irin su سار da صار, saboda su ma suna kaurara wasali, sai su rikita ka.

Akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Mun saba mayar da ط zuwa ɗ, ض kuma zuwa l, kamar a "ɗahara" da "larura". Amma ɗ ɗinmu da saukar maƙoshi ake yin sa, kuma ba ya kaurara wasali. Idan shi kunnenka ke jira a bakin Balarabe, ba zai ji shi ba, sai ya yanke cewa ت aka faɗa.